Lambobin futnot sun rikice a kundina, in bari a gyara da hannu?

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin digiri na uku a fannin tarihi, babi shida, shafi kusan 320, futnot sun haura 600. Kowane babi a fayil ɗinsa na rubuta shi a Word, watan jiya na haɗe su wuri guda. Dokar sashenmu ita ce kowane babi lambobinsa su fara daga 1. Yanzu a babi na uku daga 46 sai 49. A babi na biyu 17 ta fito sau biyu. Babi na huɗu ya kai 31, bayan wani jadawali sai ya koma 1, na biyar kuma ya ƙi farawa daga 1. Ga dogayen bayanai suna tsinkewa, rabi a wannan shafi rabi a na gaba. Malamin da ke duba aikina ya zagaye su duka da jan biro. Yaron shagon da nake buga takardu ya ce in ba shi kwana biyu zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara da hannu. Saura mako uku in miƙa. In ba shi?

Wata ɗaliba, daga Katsina

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a gama lafiya.

Kada ki ba shi. Ba don yana da mugun nufi ba, wataƙila ma ya sha yi wa wasu haka sun tafi suna godiya. Amma ranar da aka zauna kare kundi, mai jarrabawa na waje ya ce a ƙara madogara ɗaya a shafi na 90, duk lambar da aka buga da hannu bayan wannan wuri za ta tsaya inda take, ke kuma ki koma bin su da ido. Lambar futnot a Word ba rubutu ba ce. Ƙirge ce. Duk lokacin da kika taɓa fayil ɗin, Word yana bin alamomin da ke cikin jikin rubutu daga sama zuwa ƙasa yana ƙirgawa, abin da ya samu shi yake nuna miki. Ƙirgarsa ba ta kuskure. Idan lamba ta fito ba yadda kike zato ba, to ko dai yana ƙirga wani abu da ke ba ki gani, ko akwai abin da kike gani wanda shi ba ya ƙirgawa, ko kuma an gaya masa ya koma farko a wurin da ba ki nufa ba. Kundinki ya haɗa ukun duka, kuma kowanne gyaransa daban.

Kafin komai, ki ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, ki tura wa kanki ta imel. Sannan ki danna `Ctrl+Shift+8`, ko alamar ¶ da ke shafin `Home`. Wannan zai fito da abubuwan da ba sa fita a takarda, wato ƙarshen sakin layi, rabuwar shafi, rabuwar sashe da rubutun da aka ɓoye. Shafin zai yi kama da ya yi datti. Ki bar shi haka har mu gama.

Mu fara da babi na uku, domin shi na fi tabbacin abin da ya same shi. Lamba biyu sun ɓace, kuma kusan kullum dalilin shi ne `Track Changes`. Idan malaminki, ko ke da kanki, kuka goge sakin layi alhali wannan abu yana kunne, Word bai goge shi da gaske ba. Ya ja masa layi ne yana jiran a amince. Futnot ɗin da ke cikin wannan sakin layi suna nan riƙe da lambobinsu. Idan kuma an saita allon a kan `Simple Markup` ko `No Markup`, abin da aka goge ba zai bayyana ba, sai ki ga 46, ki ga 49, babu komai a tsakani. Ki shiga `Review`, ki mayar da shi `All Markup`, ki je wurin. Ina kyautata zaton za ki tarar da 47 da 48 kwance cikin jan rubutu. Ki zaɓi wurin ki danna `Accept`, nan take 49 za ta zama 47. Haka ma idan an yanke sakin layi an kai shi wani wuri, har sai an amince da canjin Word yana iya ƙirga futnot ɗinsa a tsohon wuri da sabon wuri.

Akwai `Accept All Changes` mai amincewa da komai a danna ɗaya. Yana da sauri, amma ki tabbata kin karanta gyare-gyaren malaminki tukuna, don bayan haka ba za ki iya bambance kalmarsa da taki ba. Idan kuma kin duba ba ki ga jan rubutu ba, to ki nemi rubutu mai ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa. Wannan ɓoyayyen rubutu ne, wanda aka sa wa `Hidden`, shi ma futnot ɗinsa ana ƙirga su. Ko ki goge shi, ko ki cire masa ɓoyon.

A nan akwai abin da ya fi lambar kanta haɗari, kuma yaron shago ba zai taɓa lura da shi ba. A ce tsohuwar 48 tana ambaton wani fayil na gidan adana kayan tarihi da ke Kaduna, 49 kuma ta ce Ibid. Da zarar 47 da 48 sun tafi, wannan Ibid ɗin ta koma nuna 46, wadda wataƙila hira ce da kika yi da wani dattijo. Lambobi sun daidaita, amma kin jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba. Duk inda aka goge futnot ko aka matsar da sakin layi, ki karanta na gabansa da na bayansa. A ganina mai kundi irin naki gara ta riƙa rubuta sunan marubuci da gajeren sunan littafi maimakon Ibid, in dai sashenku ya yarda, domin shi wannan ko an matsar da shi bai canza ma'ana ba.

Na babi na biyu akasin wancan ne. Ɗaya daga cikin 17 ɗin nan biyu ba futnot ba ce, lamba ce da aka buga aka ɗaga ta sama. Yawanci hakan na faruwa ne idan an kwafo rubutu daga PDF, ko an gyara fayil a waya, ko wani mai buga takardu ya riga ya yi irin taimakon da ake miki tayi yanzu. Ki ɗora linzami a kan kowacce ki ɗan jira. Ta gaske za ta nuna miki bayaninta a ɗan akwati, in kin danna ta sau biyu kuma ta kai ki ƙasan shafi. Ta bogi ba za ta motsa ba. Tun da an samu ɗaya, da wuya ita kaɗai ce, don haka ki bincike kundin gaba ɗaya. Ki danna `Ctrl+H`, ki koma ɓangaren `Find`, ki rubuta wannan:

```
^f
```

Sai ki zaɓi `Reading Highlight`, sannan `Highlight All`. Alamomin gaske za su yi launi. Ki bi shafukan, duk ƙaramar lambar da ta rage ba launi ki tsaya a kanta.

Akwai wata iri mai wuyar ganewa. Futnot ce ta gaske, tana da bayaninta a ƙasa, amma wanda ya saka ta ya rubuta lambar da kansa a gurbin `Custom mark`. Ita wannan tana amsa linzami, amma ba ta cikin ƙirga, kuma ba ta canzawa har abada. Gwajinta mai sauƙi ne. Ki saka futnot na gwaji a farkon babin da `Alt+Ctrl+F`. Duk lambobin babin ya kamata su ƙaru da ɗaya. Wadda ta tsaya cak ita ce. Ki danna `Ctrl+Z` ki cire na gwajin.

Gyaran duka biyun ɗaya ne. Ki saka sabon futnot kusa da tsohon da `Alt+Ctrl+F`, ki kwashe bayanin ki zuba a sabon, sannan ki goge tsohuwar lamba daga jikin rubutu. Ki lura na ce daga jikin rubutu. Mutane da yawa suna sauka ƙasan shafi su goge bayanin, su zaci sun gama. Alamar tana can sama, ana ci gaba da ƙirga ta, sai a bar lamba tsirara a ƙasa babu komai a gabanta. Futnot daga sama ake kashe shi, in alamar ta tafi bayanin zai bi ta da kansa.

Yanzu babi na huɗu da na biyar. Waɗannan ciwonsu ɗaya, kuma nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne haɗe fayiloli ya yi miki ɓarna.

Word bai san babi ba. Abin da ya sani shi ne sashe, kuma sashe yana ƙarewa ne a inda aka saka `Section Break`. Umarnin da ke sa lamba ta koma 1 sunansa `Restart each section`, ma'anarsa duk inda sabon sashe ya fara a koma farko. Jadawalin nan naki, na tabbata a kwance yake, an juya shafin don ya ɗauki faɗinsa. Word ba ya iya juya shafi ɗaya a tsakiyar kundi sai ya mai da shi sashe mai zaman kansa, wato rabuwa ɗaya kafin jadawalin, ɗaya bayansa. Ke kina ganin babi ɗaya, shi yana ganin sashe uku, kuma ya bi umarnin da aka ba shi daidai. Babi na biyar kuwa ɗayan biyu ne. Ko an raba shi da na huɗu da `Ctrl+Enter`, wanda sabon shafi kawai yake buɗewa ba sabon sashe ba, ko kuma rabuwar tana nan amma sashen ya taho daga tsohon fayil ɗinsa da saitin `Continuous`, wanda ke sa lamba ta ci gaba ba tare da komawa 1 ba.

Ki danna dama a kan siririn layin da ke can ƙasan allon Word, ki sa alama a `Section`. Daga yanzu duk inda kika danna zai nuna miki lambar sashen da kike ciki. Ki ɗauki takarda da biro ki bi kundin. Za ki iya samun wani abu kamar haka: shafukan gabatarwa sashe na 1, babi na ɗaya zuwa na uku sashe na 2, 3 da 4, farkon babi na huɗu sashe na 5, jadawali na 6, sauran babi na huɗu na 7. Idan kin shiga babi na biyar kin ga har yanzu 7 yake nunawa, to babu rabuwa a nan. Ki goge `Page Break` ɗin da ke wurin, ki danna a gaban kan babin, ki shiga `Layout`, `Breaks`, ki zaɓi `Next Page` na ƙarƙashin `Section Breaks`. Babi na biyar ya zama sashe na 8.

Sai saitin. A shafin `References`, a kusurwar rukunin `Footnotes`, akwai ɗan ƙaramin kibiya mai buɗe akwatin `Footnote and Endnote`. Da farko ki sa `Numbering` a kan `Restart each section`, `Apply changes to` a kan `Whole document`, ki danna `Apply`. Wannan ya daidaita kowa. Sannan ki danna cikin sashe na 6, ki sake buɗe akwatin, ki sa `Continuous`, amma wannan karon `This section`, ki danna `Apply`. Ki maimaita a sashe na 7. Lambar da ta koma 1 bayan jadawali za ta zama 32, in dai babu futnot a jikin jadawalin. Duk wani babi mai shafi a kwance haka za ki yi masa. Abu biyu ke kayar da mutane a wannan akwati. Na farko su manta su duba `Apply changes to`, su gyara babi ɗaya su rushe biyar. Na biyu su danna `Insert` maimakon `Apply`, su haifi sabon futnot babu komai a ciki, lamba ta sake gocewa da ɗaya.

Wani gargaɗi kuma. Kada ki ce bari ki huta ki goge rabuwar sashen da ke kusa da jadawalin. Saitin kowane sashe, da juyin shafinsa da gefensa da tsarin lambar shafinsa, a cikin rabuwar da ke ƙarshensa yake ajiye. In kin goge ta, rubutun da ke sama zai ɗauki saitin na ƙasa. Ta haka ne mutum ke wayar gari ya ga rabin babi ya kwanta.

Bayan wannan duka, lambobi da yawa sun matsa. A babi na uku duk lambar da ke bayan 46 ta ragu da biyu, a na biyu daga 17 ta biyu zuwa ƙarshe komai ya ƙaru da ɗaya. To duk inda kika rubuta da hannunki "duba futnot na 52 a sama", yanzu 50 ake nufi. Ki nemo su ta hanyar neman kalmar da kika saba amfani da ita, ki goge lambar, ki saka ta ta `References`, `Cross-reference`, ki zaɓi `Footnote` a `Reference type`, da `Footnote number`. Irin wannan lamba tana bin futnot ɗinta, amma ba nan take ba, sai an tashe ta. Ki danna `Ctrl+A` sannan `F9` a jikin rubutu, ki sake yin haka bayan kin danna cikin futnot, domin zaɓin jikin rubutu ba ya haɗawa da ƙasan shafi. Idan wani wuri ya fito da `Error! Bookmark not defined.` to futnot ɗin da yake nunawa an goge shi, sai ki yanke shawarar inda za ki mayar da mai karatu.

Sai maganar tsinkewa. Na ajiye ta ƙarshe da gangan, don duk gyaran da muka yi a sama yana motsa layuka, kuma wanda ya daidaita shafuka kafin ya gama da lambobi zai yi aikin sau biyu.

Abin da zan fara faɗa, malaminki ba lallai ya so shi ba: tsallakawar dogon futnot zuwa shafi na gaba ba kuskure ba ce a kanta. Littattafan da manyan maɗaba'u suka buga suna yin haka. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce bayanin ya fara a shafin da alamarsa take. Yawanci Word yana kiyaye wannan, in wuri ya ƙare ya kai sauran gaba, ya ja dogon layi daga gefe zuwa gefe a samansa maimakon gajeren layin da aka saba, don mai karatu ya gane ci gaba ne. Amma tun da mai jan biro shi zai sa hannu, bari mu rage su iya yadda za a iya.

Lissafin shafin zai nuna miki inda matsalar take. Takardar A4 tsawonta santimita 29.7. In an cire 2.54 sama da ƙasa, abin da ya rage yana ɗaukar layi kusan 25 na Times New Roman mai girman 12 da tazara ninki biyu. Futnot mai girman 10 da tazara ɗaya, layinsa bai kai rabin layin jikin rubutu ba, don haka bayani mai layi 12 yana cin wurin layi biyar. A ce alamarsa ta faɗo a layi na 23. Saura wurin layi biyu, a ciki za a cire layin rabuwa, abin da zai shiga bai wuce layi uku na bayanin ba, tara su tsallaka. Word ba shi da zaɓi sai ɗayan biyu, ko ya tsinka bayanin, ko ya kwashe layi na 23 da bayaninsa gaba ɗaya ya kai shafi na gaba ya bar fili a ƙasa. Babu na uku. In alamar nan a layi na 10 take, da ba abin da zai tsinke.

Yanzu ki ɗauka wannan bayanin ya shigo da girman 12 da tazara ninki biyu, kamar yadda yake faruwa idan an kwafo shi daga jikin rubutu. Layi 12 zai zama 14 ko 15, kowanne da tsawon cikakken layi, ya cinye fiye da rabin shafi. Tun da babobinki daga fayiloli shida suka zo, zan yi mamaki in duk futnot ɗinki girmansu ɗaya. Don haka ki fara nan. Ki danna dama a cikin wani futnot, ki zaɓi `Style`, ki tabbata `Footnote Text` ne, ki danna `Modify`. Ki sa girma 10, a `Format`, `Paragraph` ki sa `Line spacing` a `Single`, `Before` sifili, `After` sifili ko abin da bai wuce 3 ba. Wannan in littafin ƙa'idar makarantarku bai faɗi wani abu daban ba, shi ne gaba da maganata. Waɗanda suka ƙi bin gyaran an yi musu kwalliya da hannu ne. Ki danna cikin futnot, `Ctrl+A` zai zaɓe su duka, `Ctrl+Q` ya mayar da tazararsu kan tsarin, girman kuma ki zaɓi 10 daga akwatin girma. Kada ki yi amfani da `Ctrl+Space` a nan ko da wani ya ba ki shawara, domin zai miƙar da duk sunayen littattafan da kika karkata, kuma futnot ɗin sun haura 600.

Wuri na biyu da fili ke ɓacewa ba a ganinsa sai an shiga ta ƙofar baya. Ki je `View`, ki zaɓi `Draft`, sannan `References`, `Show Notes`. Allon zai rabu biyu, a ƙasa akwai ɗan jeri. Ki zaɓi `Footnote Separator`. Ya kamata ki ga layi ɗaya da alamar ¶ ɗaya tak. In akwai ƙarin ¶ a ƙasansa ki goge su, in tazararsa ninki biyu ce ki mayar da ita `Single`. Wannan layi yana gadon tazararsa daga `Normal`, wato tsarin rubutu na asali, shi ya sa duk wanda ya ninka tazarar `Normal` yake ganin rami tsakanin rubutu da futnot a kowane shafi. Ki yi wa `Footnote Continuation Separator` haka. A jerin nan akwai kuma `Footnote Continuation Notice`, inda za ki iya rubuta 'yar sanarwa cewa bayanin ya ci gaba a shafi na gaba, da harshen da kika rubuta kundin. Word zai riƙa sa ta ne kawai a inda aka tsinke. Wasu malaman wannan kaɗai ke gamsar da su. In kin gama ki koma `Print Layout`.

Da waɗannan biyun, yawancin tsinkewar za ta tafi. Ga waɗanda suka rage, akwai `Keep lines together` a `Paragraph`, ɓangaren `Line and Page Breaks`. In kin sa wa futnot shi, kin ce wa Word ya ɗauki zaɓi na biyu, kada ya tsinka. A misalinmu na ɗazu za a bar filin layi uku a ƙasan shafi, wanda ba wanda zai kula. Ni ban cika son a sa shi a cikin `Footnote Text` don ya hau kan kowa ba, na fi son a sa wa ɗaiɗaikun da suka tsinke. Dalili shi ne shafin da ke da dogayen bayanai biyu ko uku a jere zai iya barin kashi ɗaya cikin uku na takarda fari fat, kuma jan biron zai dawo ta wannan ƙofar. Sannan yana riƙe sakin layi ɗaya ne kawai. Bayani mai sakin layi biyu zai iya rabuwa a tsakaninsu, sai an ƙara wa na farkon `Keep with next`.

Idan kuma kin ga fili babba a ƙasan shafi ba ki san dalili ba, ko alama tana nan amma bayaninta duka ya koma shafi na gaba, ki duba jikin rubutun ba futnot ba. Sakin layin da ke da ɗan baƙin murabba'i a gefen hagu an sa masa `Keep with next` ko `Keep lines together`. Kan babi da kanun sassa sun cancanci haka, sakin layi na yau da kullum bai cancanta ba, ki cire. Ki kuma kalli saman allon, in an rubuta `Compatibility Mode` kusa da sunan fayil, to Word yana shimfiɗa shafukan da tsohon tsari. `File`, `Info`, `Convert` zai sabunta shi, amma shafuka za su ɗan motsa, shi ya sa ake yi kafin a fara daidaitawa.

Akwai maganin da ba na na'ura ba, kuma sau da yawa ya fi duka. Futnot ɗin da ya kai layi 20 yawanci muhawara ce da marubuci ya ji nauyin sa ta a fili. In tana da muhimmanci, ki hau da ita jikin rubutu ki bar madogarar kaɗai a ƙasa. In doguwar wasiƙa ce ko nassin hira, ki kai ta rataye. Wani lokaci kuma jimla ɗaya za ki sake wa tsari, alamar ta hau sama da layi biyu, komai ya zauna. Abin da ba za ki yi ba shi ne danna `Enter` sau biyar don tura rubutu gaba. Yana aiki yau, gobe in an ƙara kalma a sama sai filin ya koma tsakiyar shafi.

Shi yaron shago yana da aikinsa, amma PDF za ki kai masa, ba fayil ɗin Word ba. Kwamfutoci da yawa suna kan takardar `Letter`, wadda ta gaza A4 da santimita 1.76, kusan layi biyu a kowane shafi, kuma in kwamfutarsa ba ta da irin harafin da kika rubuta ɓ, ɗ, ƙ ko nassin Larabci da shi, Word zai musanya da wani mai tsawo daban. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya dawo da tsinkewar da kika kwana kina gyarawa. Ki duba `Layout`, `Size` a kowane sashe ki ga A4 ne, ki fitar da PDF a kwamfutarki ta `Save As`, ki karanta ƙasan kowane shafi a cikinsa, ki gaya masa ya buga a `Actual size`. Ki riƙe fayil ɗin Word a wurinki don gyaran bayan kare kundi. Lambobin yini ɗaya zai ishe ki, shafukan yini biyu, sauran kwanakin ki ba wa Ibid.